Saƙon tallar Sallah da ya zama shafi uku

"Assalamu alaikum jama'a. Ina sayar da atamfa da kayan yara a Tudun Wada, kuma mafi yawan masu saye a wurina mata ne na Kumo da Deba masu ƙananan wayoyi. Na rubuta saƙon rangwamen Sallah na tura wa mutum 10 don gwaji, sai aka cire mini kuɗin saƙo 30, wata kuma ta ce wasu haruffan sun zo mata kamar akwatuna. Ina na yi kuskure?"

Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki gode wa Allah da ya sa kika fara da mutum 10, domin ni da mutum 1,800 na fara, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Shekaru biyu da suka wuce, ana saura kwana 12 Ƙaramar Sallah, na kai wa wani yaro mai shagon kwamfuta littafin da na daɗe ina rubuta lambobin masu sayen yadi a wurina. Ya ce kowane shafi naira 4 ne, muka lissafa naira 7,200, na biya har da ladan aikinsa. Na zauna kusa da shi ina faɗa yana bugawa, har ina yi masa gyara cewa ya sa lanƙwasa a kan ƙ ta "ƙaramar" da ɗ ta "ɗinki", saboda ni mutum ne mai son a rubuta Hausa daidai. Saƙon ya tsaya a harafi 152, ya ce ai bai kai 160 ba, ya danna. Washegari wani dattijo daga Dukku ya zo shago, ya zaro wayarsa mai tocila daga aljihun gaba, ya nuna mini rabin saƙo wanda ya fara da akwati a inda ƙ take, ya yanke kafin a kai ga farashi, ya tambaye ni ko 'yan damfara ne suke amfani da sunana. A gaban mutane ya yi wannan tambaya, kuma ban sami abin da zan ce masa ba. Da na koma wurin yaron sai ya ɗaga kafaɗa ya ce matsalar sabis ce. Sai da na matsa ya buɗe rahoton, muka ga cewa mutum 600 kawai aka tura wa kuɗin ya ƙare, sauran 1,200 ko ƙyallin saƙon ba su gani ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ƙasan akwatin rubutun akwai wurin da yake nuna adadin shafuka, kuma 3 ya nuna tun kafin ya danna, amma ko dai bai duba ba ko kuma ya gani ya yi shiru. Bai ba ni haƙuri ba, bai mayar mini da ko sisi ba, ya ma nemi in ƙara naira 14,400 a tura wa sauran.

Dalilin abin, wanda sai daga baya na fahimta, shi ne saƙon waya yana ɗaukar harafi 160 ne kawai idan duk haruffan da ke ciki suna cikin jerin da ake kira GSM-7, kuma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba sa cikin wannan jeri. Da zarar ɗaya tak ta shiga, saƙon gaba ɗayansa yana komawa wani tsarin, wanda manhajojin turawa suke nunawa da sunan Unicode, inda shafi ɗaya yake ɗaukar harafi 70 kacal. Idan kuma saƙon ya wuce shafi ɗaya, kowane shafi yana raguwa zuwa 67, saboda ana cin wani ɓangare don haɗa shafukan. Shafi biyu ke nan 134, shi ya sa 152 nawa ya faɗa na uku, kuma ina kyautata zaton naki ma tsakanin 135 da 201 yake. Akwatunan kuwa, wayar ce ba ta da zanen waɗannan haruffa.

Ba lanƙwasa kaɗai ke jawo haka ba. Alamar ₦ tana jawowa, don haka ki rubuta N kawai a gaban kuɗi. Hoton jinjirin wata ko na rago shi ma haka. Wanda ya fi ɓoyewa shi ne waƙafin sama na kalmomi irin su 'yan da jama'a, domin idan an rubuta saƙon a kwamfuta aka kwafo, sau da yawa miƙaƙƙen (') yakan koma lanƙwasasshe (’), ido ba ya lura amma kuɗi yana ninkuwa. Ni yanzu guje wa irin waɗannan kalmomi nake yi gaba ɗaya.

Sai dai cire lanƙwasa yana da nasa haɗarin, kuma a nan ne ya kamata ki zauna ki yi tunani. Kowa zai gane "dinki", amma "baki" a tallar yadi ba a san ko baƙi ake nufi ba, "mun kara" kuma ana iya karanta ta ta hanya biyu. Gara ki zaɓi kalmomin da tun asali ba su da lanƙwasa, kuma Allah ya taimake mu, shadda da atamfa da leshi da turmi da rangwame duk ba su da ita. Ga wanda na tura bara:

```
Barka da azumi. Shadda yadi 5 N18000, atamfa turmi N9500, zuwa 15 ga azumi. Shago na 12, layin masu atamfa, Babbar Kasuwa Gombe. Kira
```

Idan aka ɗora lambar waya mai alƙaluma 11 a ƙarshe, harafi 145 ne, shafi ɗaya. Na sa farashi kusa da farko saboda allon ƙaramar waya layi kaɗan yake nunawa, kuma da yawa daga cikin matan nan yaro suke miƙa wa ya karanta musu, yaro kuwa ba zai gangara ƙasa ba idan bai ga kuɗi ba. Doguwar gaisuwa da addu'a, duk da nauyin da barinsu yake yi mini, ki ajiye su sai an kira ki. Lambar ma dole ce, domin idan saƙon ya fita da sunan shago, wanda ba ya wuce harafi 11, ba a iya mayar masa da amsa. Adireshin intanet kuwa ɓarnar wuri ce a wayar da ba ta buɗe shi.

Kada kuma ki yi irin nawa na jira sai dab da goman ƙarshe, lokacin da teloli sun daina karɓar ɗinki, mai sayen atamfa ba ta da inda za ta kai. Makon farko na azumi ya fi, da hantsi ko bayan azahar, kafin mata su shiga aikin buɗa-baki. Kayan yara da aka riga aka ɗinka su ne za ki iya bari sai saura mako guda.

Za ki ga wasu lambobin sun dawo da alamar DND a rahoto. Waɗannan mutane ne da suka tura STOP zuwa 2442, lambar da hukumar sadarwa ta ƙasa ta fito da ita a 2016 don toshe saƙonnin talla, kuma ki tambayi kamfanin da zai tura miki saƙon tun kafin ki biya ko suna cajin irin waɗannan. Yaron nan har tayi ya yi mini na wasu dubban lambobi da ya ce na mutanen Gombe ne, na ƙi, domin wanda bai taɓa taka shagona ba ɗan damfara zai ɗauke ni. Kafin ki tura wa kowa, ki samu ƙaramar waya guda a gida, ki tura mata, ki karanta da idonki, sannan ki duba nawa aka cire. Idan kuɗin shafi ɗaya ne, sai ki saki sauran.