Me zan rubuta a dosiye idan na kwantar da mai taɓin hankali ba da yardarsa ba?

Tambaya: Likita, ina gaisuwa. Ni sabon likita ne a wani asibiti cikin jihar Tawa. Ranar da nake gardi dangi suka kawo mini maras lafiya a ɗaure, na kwantar da shi duk da ya ƙi. A dosiye na rubuta "ajite, danjare, ya ƙi magani". Babbanmu ya maido mini da takardar, ya ce wannan ba hujja ba ce. To me ake so in rubuta?

Amsa: Ƙanena, ina amsawa. Babbanku ya yi maka gata. Kalmomin nan uku, wato ba ya natsuwa, yana da haɗari, ya ƙi magani, hukunci ne ka yanke, amma ba ka nuna abin da ka gani har ka yanke shi ba. Wanda zai buɗe dosiyen gobe, likitan da ya karɓe ka ne ko alƙali ko shi kansa maras lafiyan bayan ya samu sauƙi, ba ya ɗakin a daren. Rubutunka ne idonsa. Ka hana baligi fita ƙofa, abin da ba a yi wa kowa sai da dalili mai ƙarfi, don haka dole dalilin ya zama wanda wani zai karanta ya auna da kansa.

Ma'aunin da aka fi komawa gare shi yana cikin ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1991 kan kare masu taɓin hankali. Ƙa'ida ta 16 ta ce ana tsare mutum ne idan yana da ciwon, kuma saboda ciwon akwai babbar yiwuwar ya cutar da kansa ko wani nan kusa. Ko kuwa ciwon ya yi tsanani, tunaninsa ya raunana, barinsa zai sa ya taɓarɓare ko ya rasa maganin da ba ya yiwuwa sai a kwance. A nan Yamai ma, a watan Mayu na 2003, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta yanke cewa tsohuwar dokar Gambiya ta tsare masu taɓin hankali ta saɓa wa yarjejeniyar Afirka, kuma cikin dalilan har da rashin hanyar sake duba tsarewar ko ɗaukaka ƙara. Ba a iya sake duba abin da ba a rubuta ba.

Bari in ba ka misali da wata mai jego, na sauya duk abin da zai sa a gane ta. Shekarunta 23, haihuwar fari, kwana 12 da sauka. Mijinta da mahaifiyarta suka kawo ta wajen ƙarfe goma na dare, zanenta a jiƙe, idonta a bushe, tana ta magana ba tsayawa.

Kafin in rubuta kalma ɗaya kan hankalinta sai da na rubuta jikinta: zafin jiki 36,8, hawan jini 120 bisa 80, sukari daidai, gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, wuya ba ya sanƙarewa, jinin biƙi ba ya wari, ta san inda take da ranar da ake ciki. Kada ka tsallake wannan. A ƙasarmu zazzaɓi mai hawa kai, sanƙarau, faɗuwar sukari, jijjigar haihuwa da taramol duk suna kawo ruɗewa mai kama da hauka, kuma wanda ke cikin irin wannan ruɗewa gadon gaggawa yake buƙata.

Sai haɗari. Ga yadda ya shiga takarda: "Mahaifiyarta ta ce yau bayan magariba ta tarar da ita a bakin rijiyar gidan, ta cire murfin, jaririn yana hannunta. Da ƙyar ita da maƙwabciya suka karɓe shi. Mijin ya tabbatar, amma shi bai gani da idonsa ba. Na tambaye ta da kaina, ita kaɗai, ƙarfe 22:40. Ta ce: 'Wannan ba ɗana ba ne, an musanya shi ranar suna, an ce in maida shi cikin ruwa a ba ni nawa.' Na ce in ta koma gida me za ta yi, ta ce: 'Zan ƙarasa.' Dare 5 ba ta yi barci ba. Kwana 2 ba ta ba da nono ba. Ba ta taɓa yunƙurin cutar da kanta ba, kuma ta ce ba ta da niyyar hakan."

Duba abin da ke ciki. Akwai wanda ke cikin haɗari, da abin da ake tsoron ya faru, da lokacin da aka yi yunƙurin, da abin aikatawa wanda har yanzu yana tsakar gida. Akwai kuma bambanci tsakanin abin da na ji da kunnena da abin da aka ba ni labari, da wanda ya ba ni. Wannan bambancin ina matsa wa ɗalibaina a kansa ƙwarai, domin ba duk mai kawo ɗan'uwansa ne ke da zuciya ɗaya ba. Rigimar gado da ta kishi da ta aure suna iya shigowa ɗakin likita da sunan ciwo. Shi ya sa nake ganin maras lafiya shi kaɗai, in sa a kwance igiya in dai ba wani haɗari a take, in kuma rubuta sawun da ta bari a hannunsa. Dosiye da Faransanci muke cika shi, amma maganar maras lafiya ka sa ta yadda ta fito daga bakinsa, da Hausa ko Zabarmanci ko Buzanci, sannan ka fassara. In da tafinta aka yi, ka rubuta wane ne shi a wajensa. Abin da ke rage haɗarin ma ka rubuta shi, kamar yadda na sa cewa ba ta da niyyar kashe kanta. Takardar da ta tara laifi kawai ba a yarda da ita.

Batun rashin gane ciwo shi ne inda aka fi zamewa. Mutum ya ƙi maganinka ba ya nufin bai san halin da yake ciki ba. Mai cikakken hankali yana da ikon ya ce a'a. Haka kuma wanda ya ce iskoki ne ko sammu bai faɗi wani abu baƙo ba, rabin unguwarsu haka za su ce. Mahaifiyar yarinyar nan ita ma cewa ta yi iska ce ta shige ta a jego, amma ta san ƴarta ba lafiya, ta san jaririn jikanta ne, ta nemi taimako. Ita kuwa mai jegon ba ta ga wani abu ya sauya a kanta ba sam. Abubuwa uku nake tambaya: ko mutum ya yarda wani abu na damunsa, ko yana iya ɗaukar muryar da yake ji ko tunanin da ya kama shi a matsayin alamar ciwo, ko kuma yana ganin amfanin taimako. Sannan in yi masa bayani da harshensa, in ce ya maimaita mini da bakinsa.

Na rubuta: "Na yi mata bayani da Hausa sau biyu, tsakani minti 30, cewa wannan ciwo ne da ke kama wasu mata cikin makonnin farko bayan haihuwa, kuma yana jin magani. Ta maimaita maganar daidai, amma ta ce ba ita ake nufi ba. Na ce in an sa jariri a rijiya me zai same shi, ta ce ba mutum ba ne balle ya mutu. Mahaifiyarta da mijinta, masu imani ɗaya da ita kan iskoki, ba su yarda an musanya yaron ba." Jimlar ƙarshen nan ce ke raba imanin al'ada da ruɗin ciwo. Ka lura kuma na ɗaura rashin ganewar da shawara guda, wato zama a asibiti a wannan dare. Ban ce ba ta iya yanke komai a rayuwarta ba.

Saura hanyoyin da ba su kai tsarewa takurawa ba. "Babu wata hanya" ba ta isa ba. Sai ka faɗi abin da ka gwada ko ka auna, da abin da ya hana. Na fara da roƙonta ta kwana da yardarta, mahaifiyarta na gefenta, ta ƙi sau biyu. Na miƙa mata ƙwayar magani, ta zubar. Na duba ko za ta koma gidan iyayenta, inda dama take wankan jego, a kai jaririn wajen gwaggonsa, a riƙa kawo ta kullum da safe. Wannan ita ce hanyar da na fi so, kuma ga wata mai jegon da ke karɓar magani na sha bin ta. A nan ba ta yiwu ba: gidan gwaggon katanga ɗaya ce tsakani, mahaifiyar ita kaɗai ce babba a gidan kuma ta yi dare biyar tana gadi har ta gaji, mijin direba ne zai yi tafiya da asuba, garinsu kuma tafiyar awa biyu ce. Duk wannan na sa shi, layi huɗu kacal.

A ƙasa na rubuta abin da kwanciyar za ta samar wanda gida ba zai samar ba, wato sa ido dare da rana da fara magani. Na rubuta cewa na gaya mata dalilin tsare ta da cewa tana iya ƙalubalantarsa, da abin da ta amsa. Na sa kwanan wata, awa, sunana da sa hannu, na nemi likita na biyu ya gan ta shi kaɗai da safe ya rubuta nasa ra'ayin ba tare da kwafar nawa ba. Allurar da aka yi mata a daren na ba ta layinta dabam, da dalili da adadi da awa, domin izinin kwantarwa bai zama izinin kowace allura ko ɗauri ba.

Na kuma sa sharaɗin sassautawa tun daren farko: a sake dubawa kowace safiya, kuma da zarar ta fara barci, tana karɓar magani da hannunta, ta daina maganar ruwa, a koma kwanciya da yardarta. A rana ta shida majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta rubuta cewa ta yi barcin awa bakwai, ta tambayi ko yaron ya sha madara. A rana ta tara aka kawo mata shi, mahaifiyarta da ma'aikaciya suna zaune, ta karɓe shi ta kira sunansa. A ranar na rubuta cewa dalilin tsarewa ya kau, ita kuma ta sa hannu da kanta ta ƙara mako guda.