Saƙon da za ka tura wa manajan da gurbinsa ba ya zama a cike

"Oga, masana'antar robar nan ta Sharaɗa sun sake neman masu kula da inji, karo na uku ke nan bana. Ina son in tura wa manajan ma'aikatansu saƙo cewa za mu cike musu gurbin da gaggawa. Me zan rubuta?"

Ajiye wayar tukuna, ƙanena, ka ɗauko rajistar masu neman aiki ta kamfaninmu na samar da ma'aikata. Mutum nawa muke da su da suka taɓa tsayawa a kan injin roba, mun ga lambar katin ɗan ƙasarsu, mai tsaya musu ya sa hannu, kuma ka kira su cikin makon nan sun ce har yanzu suna neman aiki? Wanda ka rubuta sunansa wata huɗu da suka wuce ba ya cikin lissafi sai ka ji muryarsa. Idan huɗu suka rage, huɗu za ka faɗa, ko da shida ake nema. Manajan ya gaji da jin "muna da ɗaruruwa". Adadi yake so, da rana.

Sannan ka gane halin da yake ciki. Gurbin da aka cike sau biyu ya sake buɗewa tulu ne mai yoyo, kuma manajan ya fi ka sanin haka. Idan ka kai mutane suka gudu, a kanmu laifin zai dawo, mu nemo wasu kyauta. Saboda haka tambaya ɗaya ba ta fita daga saƙona: waɗanda suka tafi, yaushe suka tafi?

Amsar takan tona komai. Wanda ya bari a makon farko, aikin ne bai zo yadda aka faɗa masa ba, wataƙila tsayuwar dare ce ko zafin injin. Idan daga rukuni ɗaya kawai ake guduwa, a duba shugaban rukunin, amma wannan maganar baki ce, ba ta rubutu ba. Idan da faɗuwar damina ne, gona ta kira su. Wanda kuwa ya karɓi albashin farko ya ɓace, lissafi ya yi. A ce albashin naira 80,000 ne, shi kuma a Dakata yake, yana kashe 1,500 kullum a adaidaita zuwa da dawowa. A kwana 26 ya zubar da 39,000, kusan rabi ke nan, bai ci abinci ba. Ba raggo ba ne. Mu ne za mu tace rajista mu fara da 'yan Ja'en, Sheka da Sabuwar Gandu, waɗanda keke ma zai kai su.

Ga yadda zan rubuta:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Mun ga kuna neman masu kula da inji mutum shida. Muna da huɗu da suka yi irin aikin, mun tantance su, kowa da mai tsaya masa, kuma duk kusa da Sharaɗa suke zaune. Za su iya zuwa ganawa ranar Laraba da safe. Sauran biyun sai Litinin mai zuwa. Wanda ya bar aiki cikin kwana 30 za mu maye gurbinsa ba tare da ƙarin la'ada ba. Don mu zaɓo masu zama, muna son sanin lokutan aiki, albashi, da kuma ko na baya sun fi tafiya kafin albashin farko ko bayansa. Na haɗa da kwafin lasisinmu. Ko zan iya kira gobe da ƙarfe goma?"

Ka lura ban ce wa mutumin ma'aikata na gudunsa ba. Ban kuma tura sunaye da lambobin waya ba, domin akwai masu karɓar jerin su kira mutanen ta bayan fage. Wannan sai an sa hannu a yarjejeniya.

Lasisin nan na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya shi ke raba mu da dillalan bakin ƙofa, kada ka manta da shi. In ya amsa ya tambayi farashi, fara tambayarsa a takardar albashin wa ma'aikatan za su zauna, tasu ko tamu. Idan a tamu ne, bayan albashi akwai kashi 10 cikin ɗari na fansho da ke kan mai ɗaukar aiki, da kashi 1 na asusun diyyar rauni a wurin aiki, sannan la'adarmu. Idan ya ambaci albashi ƙasa da 70,000, mafi ƙarancin da doka ta sa a 2024, ka ce masa sai ka yi magana da ni.

Talata da yamma ka sake kiran huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ka tanadi na biyar a gefe, domin da wuya a rasa wanda zai ce rasuwa aka yi musu. Laraba kuma ka raka su har ofishin manajan da kanka.