Kan soke x a (x + 6)/(x + 2)

"Malam ya kewaye min kuskure ɗaya a duk takarduna: na soke x a (x + 6)/(x + 2) na samu 3. Zan rubuta masa wasiƙa, me zan ce?"

Ɗan'uwa, kafin ka ɗauki biro, sa x = 2 ka gani. Sama 8, ƙasa 4, amsa 2 ke nan, ba 3 ba. Sokewa rabawa ce, kuma ba a raba sama da ƙasa sai da abin da ya ninka kowannensu gaba ɗaya. Wannan x ɗin kuwa tara shi aka yi da 6, bai ninka komai ba.

Inda sokewa ta halatta shi ne irin (x² − 4)/(x − 2). Ka warware saman ya koma (x − 2)(x + 2), sannan ka soke (x − 2) dungurungum, saura x + 2. Amma ka rubuta sharaɗin x ≠ 2, domin a nan ƙasan sifili ne. Malamai na yanke maki a kansa.

Wasiƙar kuma kada ta zama roƙon maki. Bayan gaisuwa, ka kawo layin da ka yi kuskure, da gwajin x = 2, da gyararren aikinka, ka roƙi Malam ya duba ko fahimtarka ta daidaita.