Tambayoyin masu injin CNC: kaurin katako, faɗin bit da tazarar layi

Tambaya: "Baba, ina koyon aiki a shagon ƙofofi a Kano. Na zana aikina a Fusion 360 da kaurin milimita 18, katakon ma 18 ne, amma inji ya huda ya ci katakon shimfiɗa, ramin da na sa 6 kuma ya fito 7. Maigidana yana zancen sayen sabuwar motar Z. Ni na lalata injin?"

Kwantar da hankalinka, ɗana, ba ka lalata komai ba, kuma ka roƙi maigida ya mai da kuɗinsa aljihu tukuna. Motar Z ita ce ke ɗagawa da sauke bit, wato bakin da ke yanka katakon, kuma in ta fara ciwo ba ta yin kuskure iri ɗaya a ko'ina. Yau ta zarce, gobe ta gaza. Naka kuwa milimita ɗaya ne cif a kowane rami, wannan aikin lamba ne.

Buɗe Setup ka shiga shafin Stock. Ina kyautata zaton za ka tarar da Mode a kan Relative size box, a ƙasa kuma Stock Top Offset yana ɗauke da 1 mm. Manhajar kan saka wannan ƙari da kanta, domin masu aikin ƙarfe suna sayen guntu da ya ɗan fi aikin girma su share samansa. Kai ba ka share komai. Ita ta ɗauka katakonka 19 ne, ta sa sifirinta a saman wannan 19 ɗin, kai kuma ka sauke bit a kan katako mai 18 ka ce nan ne sifiri. Daga nan duk abin da za ta yanka sai ta fara nutsa milimita ɗaya don ta iso inda take zaton aikin ya soma. Shi ya sa 6 ya koma 7. Kada ka ce ai ka duba Simulate ka ga komai lafiya. Katakon da ka faɗa mata shi take nuna maka, ba ta san wanda ke kwance a kan teburi ba.

Mai da Stock Offset Mode zuwa No additional stock, ko ka zaɓi Fixed size box ka rubuta awon katakon da hannunka. Awon da ka yi nake nufi, a kusurwa huɗu, domin MDF da ake kira 18 ba kullum yake cika 18 ba, kuma bayan damina ya kan ɗan kumbura. In aikin na hudawa ne har ƙasa, sa sifiri a kan katakon shimfiɗa, ka faɗa wa manhajar haka, ko katako ya yi kauri ko ya yi siriri bit zai tsaya a wuri ɗaya. In kuma zurfin zane ne ya fi damunka, sa sifiri a sama. Kafin ka sake kunna injin, kira maigida ka nuna masa 1 mm ɗin a allo da idonsa.

Tambaya: "Malam, in sayi bit mai faɗin milimita 3 kawai in riƙa yin komai da shi, tunda yana shiga kowane lungu?"

Da cokalin shayi kake haƙa rijiya? In ka rage faɗin bit zuwa rabi a tsawo ɗaya, lanƙwasarsa ta ninka sau 16, sai ka rage gudu da zurfi ko ya karye. Kwashe aikin da 6 ko 8, ka bar wa 3 lungun da babba bai shiga ba.

Tambaya: "Ina haɗa durowa ba ƙusa, harshe ya shiga rami. Da can sai na buga da guduma, yanzu haɗin yana rawa, kuma fayil ɗin bai canza ba. Bit kawai na sake, shi ma 6 ne. In sayi sabon sifindil?"

Wa ya gaya maka 6 ne, Malam? Mai shago, ko takardar da ke jikin roba? Kai dai ba ka auna ba, na sani, don da ka auna da ba ka rubuto ba.

Bit iri biyu ne ke yawo a hannun mutane da sunan shida. Akwai mai milimita 6 na gaske, akwai kwata inci, wanda shi 6.35 ne. A ido ba ka raba su, kuma kolet, abin da ke damƙe wuyan bit, in mai rubutun 7-6 ne yana riƙe kowannensu ba gardama, don haka babu abin da zai ankarar da kai. Manhaja tana matsar da tsakiyar bit daga layin zane da rabin faɗin da ka rubuta mata, wato 3. In abin da ke ɗaure 6.35 ne, kowane gefe ya ci ƙarin 0.175. Ramin da ka zana 18 ya fito 18.35, harshen da ka zana 18 ya fito 17.65. Tsakaninsu 0.7, ga rawar durowarka nan. Sifindil, wanda aikinsa juya bit ne kawai, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya zuba miliyoyi a inji, ya sayi janareta, ya kama shago a bakin titi, amma kuɗin kalifa, ɗan ma'aunin nan mai baki biyu, ya gagare shi. Da tef ɗin tela yake auna abin da kuskurensa bai kai kaurin farce ba. Kalifa mai lamba a fuska bai kai kuɗin falle ɗaya na MDF mai kyau ba, kuma falle nawa ka riga ka zubar? Ko ka saya ma, kada ka auna wuyan bit inda kolet ke kamawa ka ce ka gama, bakin ne ke yanka. Mai haƙori biyu ana iya auna shi daga haƙori zuwa haƙori. Mai haƙori ɗaya ko uku ba ya aunuwa haka. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ka ɗauki guntun katako, ka ja layi ɗaya miƙaƙƙe mai zurfin milimita 3, ka auna faɗin ramin. Wannan lambar za ka rubuta a Diameter, domin ta haɗa har da ɗan karkacewar da bit ke yi yana juyawa. Duk ranar da ka ɗaura sabon bit ka sake yi, minti biyu ne.

Ni ma araha ta taɓa jana. Na sayi kwalin bit goma a wurin wani da ya rantse min kabayid ne zalla, kowanne an rubuta 6. Na farko ya ja rami 5.8, na biyu bai gama ƙofa ɗaya ba ya dakushe, gefen aikin ya yi baƙi yana warin ƙuna. Da na ɗora shi a tafin hannu tare da tsohon bit ɗina sai na ji bambanci, don kabayid ya kusa ninka ƙarfe nauyi. Maganaɗisu ma ya kama shi caraf, alhali kabayid na gaske ɗan ja kawai yake yi. Ƙarfe ne aka yi wa ruwan zinare. Gam ɗin da ke cikin MDF yana cinye irin wannan nan da nan, kuma bit da ya dakushe yana tura katako maimakon ya yanka, sai ramin ya fara matsewa, ka zo kana zargin fayil. Gara ka sayi biyu masu kyau daga wanda zai bar ka ka auna a gabansa. In ya hana ka fito da kalifa, ka yi masa sallama.

Tambaya: "Yallabai, na sassaƙa fure a allon ƙofa mai milimita 400 da 600 da bit 6 mai zagayayyen baki. Ya fito da layi-layi kamar gona, yashi ya kasa share shi. Stepover yana 40%. Wane bit zan saya?"

Ba sai ka sayi komai ba, kuma gonar da ka ambata ita ce amsar. Zagayayyen baki yana tafiya ne kamar garma, tsakanin layi da layi sai ya bar kunya. Stepover shi ne tazarar layukan. Kashi 40 ɗin da ka bari na bit mai shafaffen baki ne lokacin kwashe rami, inda ƙasan ke fitowa sumul ko da tazarar ta kai kusan rabin faɗinsa. A zagayayye lissafin daban ne:

```
h ≈ s² / (8 × r)
```

A nan h tsayin kunya ne, s tazarar layi, r kuma rabin faɗin bit, wato 3 a naka. Kashi 40 na 6 shi ne 2.4, kunyar ta kai kusan 0.25. Yatsa na jin wannan, fenti mai ƙyalli kuma tona masa asiri yake yi. Sauko da tazarar zuwa 0.6, kashi 10 ke nan, kunyar ta koma 0.015, yashi ya bi sau ɗaya ta ɓace. Ka lura, in ka raba tazara biyu, kunya ta ragu sau huɗu.

Amma lokaci ne ke biyan kuɗin. A tazarar 0.6 allonka layi 667 ne, kowanne 600, tafiyar mita 400. A gudun milimita 2000 a minti, awa uku da minti ashirin ke nan a takarda, a zahiri ma ya fi, don inji na rage gudu a hawa da gangara. Wanda ka yi da 2.4 kusan minti hamsin ya ci, shi ya sa ya yi maka daɗi. Akwai masu zarcewa su sa 0.3 wai don ya yi santsi kamar madubi. Sun ninka lokaci zuwa kusan awa bakwai a kan dizal, don su kawar da abin da ƙwayar MDF ma ta fi shi kaushi. Mai ƙofa ba zai ƙara maka ko sisi a kai ba. A katakon da za a yi wa yashi da fenti, tsakanin kashi 8 da 12 ya wadatar.

In ka koma bit 3 kana neman santsi iri ɗaya, tazarar sai ta sauka zuwa 0.42, aikin ya doshi awa biyar. Amfaninsa jijiyoyin ganye ne da lungun da 6 bai kai ba, ka kewaye wuraren kaɗai ka ba shi.

Abu ɗaya zai rage ko ka gyara lambar: inda gefen furen ya miƙe tsaye yana bin hanya ɗaya da layukan, kunyar za ta fi tsayi, don ana auna tazarar ne a kwance, bit kuwa yana faɗawa ƙasa sosai daga layi zuwa layi. Karkatar da layukan zuwa digiri 45 yakan rage shi. Gwada a kan ganye ɗaya a guntun katako, da 0.6 da kuma 0.9, ka shafa musu fentin da za ka yi wa ƙofar, ka fita da su rana ka duba a karkace.