Mahaifinsa na asibiti, ta yaya zan sanar da shi?

Tambaya: An kwantar da baban abokina a asibiti nan Kaduna, jiki ya yi tsanani. Shi yana Legas. In rubuta masa, in yi saƙon murya, ko in kira?

Ɗan'uwa, kira shi. Rubutu yana iya kwana ba a buɗe ba, musamman in ya kashe data, ko kuma ya buɗe shi yana tsakiyar titi. Saƙon murya ya fi haɗari: mutum zai danna shi a cikin jama'a kowa ya ji, kuma ba zai iya tsayar da kai ya tambayi "yana magana kuwa?" ba.

Na taɓa yin wannan kuskuren. Ina cikin Keke Napep wajen Kawo na tura wa ƙanwata saƙon minti uku kan rashin lafiyar Inna. Ƙarar hanya ta cinye rabin maganar, kalmar "asibiti" kawai ta tsinta, ta yini tana kuka.

In ya ɗauka, ku gaisa, ka tambaye shi ko yana inda zai iya magana, sannan ka ce jikin Baba ya matsa, ana son ya taho. In bai ɗauka ba, rubuta "kira ni yanzu, maganar gida ce". Bayan kun gama, sai ka tura masa sunan asibitin da ɗakin a rubuce, don mai ruɗewa ba ya riƙe lamba.