Lissafin shekaru da na gauraye: ta ina ake kama bakin zaren?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a aji shida na sakandare, daga Anguwar Rogo a Jos. In an ba ni ikweshan a rubuce ina warware shi, amma da zarar tambaya ta zo da labari, wai uba ya ninka ɗansa a shekaru ko an gauraya kaya iri biyu, sai kaina ya kulle. Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yata, kafin ki rubuta x, ki nemi abin da bai canza ba a cikin labarin. A kansa ake ɗora alamar daidai.

Mu ɗauki na shekaru. A yau shekarun uba sun ninka na ɗansa sau huɗu, amma shekara 5 da suka wuce sun ninka su sau bakwai. Ki ba ƙaramin cikinsu harafin x, don ki huta da ɓarin lamba: ɗa x, uba 4x. Sai ki ja layi biyu a takarda, ɗaya na yau, ɗaya na wancan lokaci. A layi na biyu ɗa yana da x − 5, uba 4x − 5, domin shekara ba ta wuce mutum ɗaya ta bar ɗaya. Yanzu jimlar "sau bakwai" ta zama:

4x − 5 = 7(x − 5)

Ki buɗe baka biyun: 4x − 5 = 7x − 35. Wato 3x = 30, x = 10. Ɗa yana da 10, uba 40.

A nan ne ɗalibaina suka fi zamewa, kuma abin yana damuna, don sun fahimci labarin sarai, hannu ne ke gaggawa. Wani zai manta da baka biyun ya rubuta 7x − 5, sai x ya fito sifiri, ɗan da ba a haifa ba ke nan. Wata za ta rage wa ɗa biyar ta bar uba a 4x, sai ta samu 35/3. In kin ga sifiri, ko lamba ƙasa da sifiri, ko ɓari a tambayar shekaru, ki zargi ikweshan ɗin da kika kafa kafin ki zargi rabawarki. Abin da ba ya motsi a nan shi ne tazara: 40 da 10 tsakaninsu 30, haka 35 da 5. In tazarar ta bambanta a layukan biyu, amsar ba ta yi ba.

Na gauraye kuwa, ki zo mu shiga kasuwar Katako. A ce mai hatsi yana da shinkafa iri biyu, ta naira 2,000 mudu da ta 1,500. Yana son ya haɗa mudu 30 da kowane mudu zai tsaya masa a 1,800. Farashin mudu ya canza, amma kuɗin da ke cikin buhun bai canza ba: abin da aka zuba shi ke ciki. In mai tsadar mudu x ce, mai arahar 30 − x ce. Kada ki kawo y, harafi ɗaya ya wadatar.

2000x + 1500(30 − x) = 1800 × 30

Hagu ya zama 500x + 45000, dama 54000. Ke nan 500x = 9000, x = 18. Mudu 18 na mai tsada, 12 na mai araha. Ki gwada: 36,000 da 18,000 sun ba da 54,000 cif.

Tun kafin ki taɓa biro ma za ki iya hango amsar. Da rabi da rabi aka zuba, da mudu ya tsaya a 1,750. Tunda 1,800 ya ɗara haka, dole mai tsadar ta fi yawa, don haka wanda ya samu x ƙasa da 15 ya juya lambobin.

Idan tambayar ta kaso cikin ɗari ce, hanyar ɗaya ce. Lita 10 na ruwan magani mai ƙarfin kashi 30 cikin 100, ana so a sirka shi da ruwa ya koma kashi 20. Zallan maganin lita 3 ne, kuma ƙarin ruwa ba ya ƙara shi ko rage shi. In ruwan da za a ƙara lita w ne, sai ki rubuta 3 = 0.2(10 + w), ki samu w = 5.

Abu ɗaya da takardar jarrabawa ke ɗauka ba tare da ta faɗa ba: cewa mudu da mudu kullum biyu suke bayarwa. Ga shinkafa da shinkafa, kusan haka ne. Amma ki zuba mudun acca a kan mudun wake ki girgiza, za ki ga ba su cika biyu ba, saboda ƙananan ƙwayoyin sun shige tsakanin manyan. A jarrabawa ki tara yadda aka ba ki. In a shago ne kike haɗa hatsi masu bambancin girma, ki yi lissafin da kilo, don nauyi ba ya ɓuya a tsakanin ƙwayoyi.