Gabatarwar disartasiyo a kan aibin jarumin tirajedi

Tambaya: «Assalamu alaikum malamai da iyayena. Ina ajin tarminal a Tahoua, bak ya matso. An ba mu aiki a kan wannan jigo: jarumin tirajedi shi ke haƙa ramin da yake faɗawa da hannunsa. Mun karanta wasan Aimé Césaire na Sarki Christophe, amma na kasa buɗe maganar. Don Allah a taimaka mini da samfurin gabatarwa.»

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba da sa'a. Na daɗe ina koyar da Faransanci a lise nan Yamai, kuma takardun da suka bi ta hannuna a kan wannan jigo suna da yawa. Mafi yawansu tun a layi na biyu suke karyewa. Yaro zai rubuta cewa aibin Christophe girman kai ne, ya sa aya. Daga nan ba shi da sauran abin tattaunawa, don ya yanke hukunci tun alƙali bai zauna ba, sai ya cika shafi uku yana ba da labarin wasan.

Ki fara gane abin da ake nufi da aibin nan. Kalmar asali ta Girkanci ce, hamartiya, daga Aristot, a babi na 13 na littafinsa kan fasahar waƙa da wasan kwaikwayo. Tushenta kuskuren harbi ne, mutum ya saita kibiya ya saki, ta kauce. Aristot ya ce jarumin bai kamata ya zama salihi tsantsa ba, don faɗuwar salihi ɓacin rai kawai take jawo wa mai kallo. Bai kamata kuma ya zama mugu ba, don in mugu ya faɗi ba mai jin tausayinsa. Mutum ne na tsaka-tsaki, mai daraja, wanda kuskure ya kayar, ba mugunta ba. Shi ya sa mai kallo ke jin tausayi da tsoro lokaci guda: tausayi don azabar ta fi laifin, tsoro don mutumin kamarsa ne.

To ki ɗora wannan a kan Christophe. Ana cewa tsohon bawa ne, ya yi yaƙin ƴancin Haiti da aka samu a 1804, ya zama sarkin arewacin ƙasar a 1811. Abin da yake so shi ne ya miƙar da mutanen da bauta ta durƙusar, duniya ta gan su tsaye. Wannan ai ba aibi ba ne. Amma gaggawar da ke cikin wannan buri ita ta sa ya tilasta wa talakawa jidar duwatsu don ginin ganuwa a kan tsauni, har waɗanda ya ƴanta suka sake jin bulala a bayansu. Matarsa da kanta ta gargaɗe shi cewa yana ɗora wa mutane abin da ya fi ƙarfinsu, bai saurara ba. Ƙarshe jikinsa ya shanye, sojojinsa suka juya masa baya, ya kashe kansa a 1820. Kin ga aibin da nagartar saiwarsu ɗaya. Abin da nake so gabatarwarki ta nuna ke nan, kuma shi ke raba takardar da ta fahimta da wadda ta haddace.

Zan rubuta miki da Hausa don ki ga ƙashin ginin, ke kuma ki mai da shi Faransanci da bakinki:

«Tun zamanin Girkawa, tirajedi ba faɗuwar mugu take nunawa ba, faɗuwar babban mutum ce wanda wani kuskure nasa ya kai ƙasa, abin da Aristot ya kira hamartiya. A kan haka ne ake cewa jarumin tirajedi shi ke haƙa ramin da yake faɗawa da hannunsa, wato musabbabin halakarsa yana cikin halinsa, ba a wajensa ba. Sarki Christophe, a wasan da Aimé Césaire ya wallafa a 1963, kamar ya gaskata wannan magana, domin ƙishin ɗaukaka al'ummarsa ne ya rikiɗe ya zama danniyar da ta raba shi da ita. Sai dai in har wannan ƙishi shi ne kuma girmansa, shin za a ce aibinsa kaɗai ya kayar da shi, ko kuwa nauyin tarihin da ya gada ya riga ya ƙuntata masa hanya? Za mu fara nuna yadda rashin sanin iyaka ya ja shi zuwa halaka, sannan mu duba rabon da gadon bauta da rabuwar ƙasar suka ɗauka a faɗuwarsa, kafin mu ga ko girmansa da aibinsa suna rabuwa.»

Jimla biyar ce, kowace da aikinta. Ta farko tana shigo da mai karatu, kuma ki lura daga tirajedi ta taso kai tsaye. Kada ki buɗe da «tun da aka halicci ɗan Adam», mai gyara ya gaji da ganin wannan, kuma ba ta gaya masa komai. Ta biyu ta kawo jigon da kalmominsa, ta fassara shi. In jigon maganar wani ce aka ɗauko, ki kwafe ta daidai cikin alamun zance, ki ambaci mai ita. Ta uku ta kawo littafin da marubucin, ta faɗi aibin a matsayin abin da ke motsi: ƙishi ya rikiɗe ya zama danniya. Ba laƙabi aka manna wa mutumin ba.

Ta huɗu ita ce zuciyar, wadda mushenku ke kira furobilematik, kuma a nan nake ɗaukar lokaci da ɗalibaina. Gwajinta mai sauƙi ne. In ana iya amsa tambayarki da i ko a'a a wuce, ko kuma jigon ne kawai kika maimaita kika sa masa alamar tambaya, to ba ta yi ba. Dole ta ƙunshi abu biyu masu jan juna, kowane da hujjarsa a cikin wasan. A nan, gefe ɗaya akwai halin sarkin. Ɗaya gefen akwai abin da bai zaɓa ba: ƙasa sabuwar fita daga bauta, abokin hamayyarsa Pétion yana riƙe da kudu, ga fargabar dawowar Faransa. Kalmar «sai dai» da na sa a farkon jimlar ita ce ƙyauren da maganar ke juyawa a kansa. In kika cire ta kika ga ba abin da ya canza, babu tattaunawa a gabatarwar tukuna.

Ta biyar tana sanar da sassan aikin bi da bi. Abin da kika yi alkawari a nan shi za a nema a ciki, da wannan jerin. Na sha rage maki saboda yaro ya sanar da sassa uku ya kawo biyu, lokaci ya ƙure masa. In kin san biyu za ki iya, ki cire na ƙarshen daga jimlar.

Kada ki soma da gabatarwa ranar jarrabawa. Ki fara tsara sassan da misalansu a takardar buruyo, sannan ki rubuta gabatarwar cikakkiya a can, ki gyara, ki kwafe da bik a takardar amsa. Layi goma zuwa sha biyu sun isa, sakin layi guda, ba tare da labarin wasan ba kuma ba tare da hukuncinki na ƙarshe ba. In an canza littafin, ginin yana nan, jimla ta uku da rabin ta huɗu da ta biyar kawai za ki sake. Ki gwada rubuta taki da Faransanci ki turo nan, zan duba miki jimla ta huɗu kafin komai.